Bayan ganawar ƙarin girma a kamfaninku: me za ka rubuta, wa za ka aika wa, yaushe za ka yi shiru

Wanda ya nemi aiki a kamfanin da ba a san shi ba yana da sauƙi ɗaya: idan ya fito daga ɗakin ganawa, ya tafi gida, ba zai sake ganin waɗanda suka yi masa tambayoyi ba sai sakamako ya fito. Ma'aikacin cikin gida ba shi da wannan hutun. Daraktan da ya zauna gabanka da safe yana rubuta maki, shi ne za ka tarar a sahun azahar, wataƙila kuma ranar Asabar ku haɗu a wajen suna a Birni ko a Garin Malam. A Damagaram da wuya a ce babu wata igiya tsakaninku, ko ta unguwa, ko ta lakkol, ko ta aure. Abin da ke ɓata wa mutane lamari a makonnin jira yawanci wannan kusancin ne, domin yana sa a ɗauki maganar matsayi a kai ta inda ake hira. Dabarar ita ce ka raba hanya biyu. Duk abin da ya shafi matsayin da kake nema ya bi ta rubutu, da lafazin aiki, zuwa ga kwamitin gaba ɗaya. Gaisuwa da raha da zumunci kuma su ci gaba kamar yadda suke kafin ganawa, ba ƙari ba ragi.

Domin maganar ta tsaya a ƙasa, mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. Wani ma'aikaci ne a reshen Damagaram na wani kamfanin rarraba kaya wanda hedikwatarsa ke Yamai. Shekara shida yana kula da shiga da fitar kaya a mangaza, yanzu kujerar shef na mangaza ta zama babu kowa, ya ajiye dosiye. An yi masa ganawa ranar Talata. Mutum uku ne a kwamitin: daraktan reshe, wanda suka daɗe tare har yana kiransa yaya idan ba a biro ba; wata jami'ar kula da ma'aikata da ta zo daga Yamai; da babban mai lissafin kuɗi na reshen.

Tun kafin ka fita daga ɗakin

Bibiya tana farawa a minti na ƙarshe na ganawar. Idan aka ce ko kana da tambaya, ka tambayi abu biyu: yaushe ake sa ran yanke shawara, kuma ta hannun wa za a sanar. Mutanen cikin gida sukan tsallake wannan tambayar, suna ganin ai za su ji a bakin wani. To, jin da za ka yi a bakin wani jita-jita ce, ba za ka iya kafa hujja da ita ba. Amma idan jami'ar Yamai ta ce maka da bakinta “nan da mako biyu, ni zan rubuto”, ka sami rana da kuma mutumin da ya halatta ka tuntuɓa idan ranar ta wuce.

Da ka koma wurin aikinka, ko da yamma a gida, ka zauna ka rubuta wa kanka tambayoyin da aka yi maka da wanda ya yi kowace, tun ba su gushe ba. Ka sa alama a kan wadda ka ji amsarka ba ta zauna ba. A misalinmu, mai lissafin kuɗi ya tambayi mutumin dalilin giɓin buhu 40 da aka samu a ƙidayar ƙarshen shekara tsakanin abin da ke takarda da abin da ke ƙasa. Ya san amsar sarai, amma ya daburce, ya yi ta kewaye. Wannan ita ce tambayar da saƙon gobe zai gyara.

Saƙon godiya

Ka aika washegari da safe, ko a cikin kwana biyu na aiki. Idan ganawar ta faɗo ranar Alhamis, ka aika Juma'a da sassafe, tunda wurare da yawa ana tashi kafin masallaci, saƙon da ya shiga bayan nan kuma sai Litinin, ƙarƙashin tarin wasu. Ka yi amfani da adireshin imel na aiki. WhatsApp ya fi sauri, gaskiya ne, kuma a nan ne ake yawancin harkar yau da kullum, amma saƙon WhatsApp ba ya shiga dosiye, kuma yana sauka a waya ɗaya da hotunan biki da gaisuwar Juma'a. Saƙon murya kuwa kada ma ka fara. Inda ba a aiki da imel, takarda ce gajeriya, ka miƙa ta hannun sakatare kamar kowace wasiƙar aiki, ka riƙe kwafi.

Wa za a aika wa? Littattafan neman aiki sukan ce a rubuta wa kowane ɗan kwamiti saƙonsa daban. Ga ma'aikacin cikin gida ban goyi bayan haka ba. Saƙo na keɓe zuwa ga darakta, wanda kowa ya san abokinka ne, yana kama da bin ƙofar baya ko da babu komai a ciki. Ka rubuta saƙo ɗaya zuwa ga wanda ya jagoranci ganawar ko wanda ya aiko maka da gayyata, sauran biyun ka sa su a layin Cc. Kowa ya ga abin da kowa ya gani, darakta kuma ka sauke masa nauyi, ba wanda zai ce masa kuna magana a ɓoye.

Sai batun harshe. Ko da yake tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, kuma da shi ake rubuta yawancin takardun kamfanoni. Ka rubuta da harshen da aka gayyace ka da shi. A nan ne sabo ke yin ɓarna: mutumin da kuke ce wa juna tu shekara da shekaru, a wannan saƙon vous ne, kuma sunan muƙaminsa ne a sama, Monsieur le Directeur ko Madame, ba yaya ba, ba Alhaji ba. Wasu suna jin nauyin haka, suna tsoron kada darakta ya ga kamar sun ja baya da shi. Ba zai gani ba. Ya san cewa saƙon na iya zuwa Yamai a tura shi gaba ga mutanen da ba su san ku ba, kuma shi ma ya fi son a gan shi a matsayin shugaban da ya yi zaɓe bisa cancanta. Layin kan saƙon ya kasance a fili, yadda za a same shi da bincike bayan wata guda:

```
Objet : Remerciements – entretien pour le poste de chef magasinier
```

Cikin saƙon abu huɗu ne, kuma duka kada su wuce abin da za a karanta a fuskar waya ba tare da an yi ta ja ba. Godiya a jimla ɗaya. Abu ɗaya takamaimai da aka tattauna wanda ya ƙara maka fahimtar aikin. Gyaran amsar da ta yi rauni, idan akwai. Sai tabbatar da cewa kana son matsayin kuma kana jiran ranar da aka faɗa. Ga yadda ma'anar saƙon mutuminmu za ta kasance idan an faɗe ta da Hausa:

“Ranki ya daɗe, ina godiya gare ki da sauran ƴan kwamiti bisa lokacin da kuka ba ni jiya Talata. Bayanin da aka yi kan shirin yin ƙidaya kowane wata maimakon jiran ƙarshen shekara ya ƙara nuna mini abin da ake bukata daga wannan kujera. Game da giɓin buhu 40 da aka tambaye ni, ina so in cika amsata: buhu 32 an fitar da su ne a ranar ƙarshe ta wata, takardar fitarsu kuma ba ta shiga na'ura ba sai a watan da ya biyo, sauran 8 sun lalace, kuma akwai takardar shaidar lalacewarsu a dosiyen mangaza. Tun daga lokacin muke rufe takardun fita a ranar da kaya suka fita. Ina nan da sha'awar wannan aiki, ina kuma jiran sanarwarku a lokacin da kuka ambata.”

A lura da abin da gyaran ya yi da abin da ya bari. Ya kawo lamba, ya faɗi inda shaida take, ya nuna abin da aka canza. Bai ambaci sunan abokin aikin da ya makara wajen shigar da takardar ba, ko da yake ya san shi, darakta ma ya san shi. Wanda ke neman shugabantar mutane, idan ya fara da tona ɗaya daga cikinsu a rubuce, ya riga ya amsa wata tambayar da ba a yi masa ba. Haka kuma bai haɗa da wata takardar da ba ta cikin hurumin aikinsa ba. Ma'aikacin cikin gida yana iya ganin abubuwa da yawa a na'ura ko a kan teburin wani, kuma jarabar amfani da su tana da ƙarfi. Idan ka kawo lissafin da bai kamata ya kasance a hannunka ba, tambayar za ta koma ta yaya ka same shi.

Abubuwan da ba su da wuri a saƙon: shekarun da ka yi kana haƙuri, nauyin iyali, tsadar hatsi a kasuwar Dole, alkawarin da wani tsohon shugaba ya taɓa yi maka, da maganar albashi. Duk suna iya zama gaskiya, amma suna mayar da saƙon roƙo, alhali kai ɗan takara ne.

Haɗuwar yau da kullum

Wannan ne ɓangaren da ya fi wuya, domin ba a shirya masa. Laraba da rana ka haɗu da darakta a baranda. Ka gaishe shi yadda ka saba, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, ka wuce ga aikinka. Idan kun saba shan shayi tare bayan la'asar, ka je ka sha. Janyewa gaba ɗaya ma magana ce, mutane za su karanta ta a matsayin fushi ko girman kai tun kafin a ba ka kujera. Abin da ba za ka yi ba shi ne ƙara gaisuwa fiye da da: zuwa gidansa da daddare alhali rabonka da gidan tun sallah, ko tsayawa bakin motarsa kullum idan an tashi.

Idan shi ya ɗauko maganar fa? Yakan faru. Ya dafa ka ya ce, “Ƙanena, ka yi ƙoƙari jiya.” Amsarka gajeriya ce: “Na gode, yaya, Allah ya zaɓa mana mafi alheri.” Ka tsaya nan. Kada ka bi da “to ya ake ciki?” Yabon da ya yi ba alkawari ba ne, kuma a kamfanin da hedikwatarsa ke Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, sau da yawa daraktan reshe shawara kawai yake bayarwa, sa hannu na can. Idan ka matsa masa, ko dai ya faɗa maka abin da bai kamata ba, ko ya yi maka alkawarin da ba shi da ikon cikawa, ko ya fara kauce maka. Hausawa sun ce ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Rainin da ake tsoro a nan ba zagi ba ne, mantawa ce da cewa mutumin da kuke cin tuwo tare yana da wani nauyi a wuyansa da ba naka ba.

Wasan da ke tsakanin abokan wasa, kamar Barebari da Fulani, ko na taubasai, yana da daɗi a wurin aiki kuma yana sassauta abubuwa da yawa. Amma kada a cusa maganar matsayi a cikinsa. “Kai bawana, idan ba ka ba ni kujerar nan ba sai na sayar da kai” dariya ce a ranar da babu takara. A makon jira, a gaban wani ɗan takarar, ta zama matsin lamba da aka lulluɓe da wasa, kuma duk wanda ke wurin ya gane.

Ga mace mai neman matsayi, hanyar rubutu ta fi ma amfani. Duk wata ganawa ta keɓe da shugaba namiji a wannan lokacin, ko kiran waya da dare, abin da masu baki ke jira ne, kuma idan ta samu kujerar da cancantarta sai a jingina ta ga wani abu daban. Saƙo ɗaya da mutum uku suka gani yana rufe wannan ƙofar.

Kamun ƙafa kuwa, na san ana yi, kuma na san wanda zai ce maka wauta ce ka zauna ba ka tura kowa ba. Ka auna abin da yake jawowa. Idan ka aika wani dattijo ko ɗan'uwan darakta ya yi maka magana, ka sanya darakta tsakanin kunyar babba da amanar aikinsa. Ko ka samu, ka shiga kujerar da bashi a kanka, kuma ma'aikatan da za ka shugabanta za su ji labari, garin ba shi da girman da zai ɓoye wannan. Akwai hanyar da ta halatta: shugabanka na kai tsaye, idan ba ya cikin kwamitin, ka sanar da shi cewa an yi ganawar, ka gode masa, domin galibi za a tambaye shi ra'ayinsa a kanka. Kyauta kuma, ko ta goro ce, a dakata da ita har sai an gama.

Abokan aiki za su tambaye ka yadda ta kaya. “Alhamdu lillahi, muna jira” ta isa. Kada ka maimaita tambayoyin da aka yi maka, musamman idan akwai waɗanda ba a gana da su ba tukuna.

Idan ranar ta wuce shiru

An ce mako biyu, Talata ta biyu ta zo ta wuce. Ka ƙara kwana biyu ko uku na aiki, sannan ka rubuta wa wadda ta ce ita za ta sanar, a ƙarƙashin saƙonka na farko domin zaren ya zama ɗaya. Jimla uku: kana tuni da ganawar ranar kaza kan matsayi kaza, kana tambaya ko akwai sabon lokaci da aka tsayar, a shirye kake idan ana bukatar ƙarin takarda. Ba ƙorafi, ba “na ji an ce”.

Jinkiri a irin wannan lamari yawanci ba ya nufin an ƙi ka. Dosiye na jiran sa hannun wani da ya yi tafiya, ko ana jiran a tabbatar da kuɗin kujerar a kasafi, ko ƙarshen wata ya riski masu kula da ma'aikata suna fama da albashi, ko azumi da sallah sun shiga tsakani. Akwai dai alamun da suka cancanci kulawa. Idan aka sake manna sanarwar kujerar, ko aka buɗe ta ga mutanen waje, to kwamitin bai gamsu da waɗanda ya gani ba. Idan aka nemi ka kawo kwafin takardun karatunka ko aka tambayi wanda zai iya riƙe aikinka na yanzu, lamarin na tafiya wajenka, amma ka riƙe bakinka.

Bayan tuni na farko, idan an ba ka sabuwar rana, ka jira ta. Idan ba a amsa ba, tuni na biyu bayan kamar kwana goma, daga nan ka bari. Na uku ba ya ƙara komai sai mummunan suna. A duk tsawon wannan lokaci aikinka na yanzu shi ne ainihin bibiyar, tunda masu yanke shawara suna ganinsa kullum. Mutuminmu, idan ƙidayar wannan watan ta fito daidai kuma a kan lokaci, ta fi kowane saƙo magana.

Wani abu da ke faruwa da ƴan cikin gida kaɗai: a ce maka “fara riƙe wurin kafin takarda ta fito”. Ka karɓa, dama ce, amma ka nemi a rubuta, ko da sanarwar cikin gida ce mai layi biyu da ke cewa kai ne mai riƙon ƙwarya daga rana kaza. Mangaza wuri ne na dukiya. Kada ka karɓi makulli sai an yi ƙidaya tare da wanda ke miƙawa, ku biyu kun sa hannu, in ba haka ba duk giɓin da ya girme ka zai zama naka. Riƙon ƙwaryar da ba takarda yana iya jan watanni, kana ɗauke da nauyin shef da albashin da.

Sakamako

Idan an ba ka, kuma darakta ya faɗa maka da baki cikin murna, ka yi godiya, amma kada ka sanar da kowa, har a gida ka ja musu kunne, sai takarda ta fito. Ka rubuta gajeren saƙon amincewa, a nan ne kuma maganar kuɗi ta sami wurinta. Abin da za ka duba a takardar naɗi ko a ƙarin da za a yi wa kwantiraginka: sunan matsayin, rukunin da aka sa ka, albashin tushe da alawus, ranar da abin zai fara aiki, da ko akwai lokacin gwaji da abin da zai faru idan ba a tabbatar da kai ba. Dokar aiki ta Nijar ta 2012 da yarjejeniyar gama-gari ta ma'aikata su ne madogara a kamfanoni masu zaman kansu, kuma wakilin ma'aikata na kamfaninku ko ofishin sufeton aiki na Damagaram za su iya nuna maka abin da ya shafi rukuninka. Idan albashin farko ya fito, ka duba takardar albashin ka ga sabon rukunin ya hau, domin a kan albashin da aka bayyana ne ake lissafa abin da ake zuba maka a CNSS. Kunyar tambayar yaya darakta irin waɗannan abubuwa ita ce ke sa mutum ya shekara da sabon suna da tsohon albashi, don haka ka tambayi jami'ar ma'aikata, aikinta ne.

Idan wani aka ba, ranar tana da ɗaci, kuma kowa na kallon fuskarka. Ka je ka yi wa wanda ya samu barka a ranar, da bakinka, tun ba a fara cewa ka ƙi zuwa ba. Ka bar kwana uku ko huɗu su wuce, sannan ka rubuta wa kwamitin godiya, ka nemi minti goma sha biyar a biro, a lokacin aiki, domin jin inda ka gaza. A zaman kada ka tambayi dalilin da ya sa aka zaɓi wane, ba za a faɗa maka ba, kuma tambayar na sa a rufe baki. Ka tambayi abu biyu da ya kamata ka ƙara kafin wata kujera ta buɗe, da ko kamfanin zai iya tura ka horo a kansu. Idan aka ce wa mutuminmu rauninsa shi ne rahoton wata-wata da sarrafa na'urar lissafin kaya, sai ya nemi a bar shi ya riƙa shirya rahoton tare da sabon shef na tsawon wata shida, ya kuma aika gajeren saƙo bayan zaman yana maimaita abin da aka amince, domin ya shiga dosiyensa.